Minti 45 na koya wa ma'aikata riƙe sirrin kwastoma

Tambaya: Ina da ofishin rarraba kayan masarufi a Kano, ma'aikatana shida. Muna ajiye kwafin katin NIN da lambar wayar masu ɗaukar kaya bashi. Kwanan baya wani kwastoma ya ji a bakin maƙwabcinsa nawa muke bin sa. Yaya zan tsara musu ɗan gajeren horo?

Amsa: Alhaji, kada ka tara su ka yi musu lacca. Ka ware minti 45 kafin a buɗe ƙofa, takardun ofishinka su zama darasin.

Minti goma na farko a baje komai a tebur: littafin bashi, fayil ɗin kwafin NIN, da wayar da ake karɓar shaidar tura kuɗi ta WhatsApp. Kowanne ka tambaya, wa ke taɓa shi, ina yake kwana? Wataƙila a nan za ka ji hotunan katin mutane suna cikin wayar mai karɓar kuɗi, wadda yaransa ke wasa da ita da daddare. Ka danne fushi, domin in ka yi faɗa sauran za su kama bakinsu.

Minti ashirin na tsakiya su ne ƙashin bayan horon, don yawanci ta baki sirri ke fita, kuma kunyar manya ce ke fitar da shi. Kai ka zama mai bugo waya: "Ni yayan wane ne, shi ya ce in ji nawa ya rage." Kowa ya amsa, ɗaya bayan ɗaya, har jimla guda ta zauna masa a baki: "Ka yi haƙuri ranka ya daɗe, ba ma maganar kowane kwastoma sai da shi kansa." Sai ka matsa, ka ɗaga murya, ka ce ba ka san ni ba ne? Wanda ya ce "ai ya kusa gamawa" ya faɗi, tunda ya tabbatar akwai bashi ko bai ambaci ko sisi ba. Wannan kuskuren na fi so a gyara a gaban kowa.

Sauran mintin 15, kowa ya kulle kwamfuta da hannunsa da `Windows + L`. A kuma tsayar cewa kwafin da ya lalace yayyaga shi ake yi, ba ya zuwa wurin mai ƙosai. Sannan ka faɗi wa za a gaya wa nan take in an tura bayanin wani zuwa lambar da ba tasa ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba ka awa 72 ka sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC, ɓarakar da ke iya cutar da masu bayanan, don haka wanda ya ɓoye kuskure lokacinka yake ci.

Bayan mako biyu ka sa wanda ba su san muryarsa ba ya kira ofis da waccan tambayar. In an ba shi amsa, a maimaita minti ashirin ɗin nan kawai.