Yadda ake bayanin kayan ado a kundin talla

"Maigida, an ba ni aikin rubuta bayanin sarƙoƙi da 'yan kunne a kundin tallarmu, amma duk wanda na ɗauka sai in ga ba ni da abin cewa sai 'mai kyau'. Me ya kamata in rubuta?"

Ɗana, hoto ya riga ya nuna kyau, saboda haka aikinka shi ne ka faɗi abin da hoto ba ya iya faɗa, wato abin da aka yi kayan da shi, da yadda aka yi shi, da tsawonsa da nauyinsa. Matar da ke Kawo ko Barnawa tana duba kundin a wayarta, ba za ta iya ɗaga sarƙar ta ji nauyinta ba kamar yadda za ta yi a Kasuwar Gumi, don haka rubutunka ne zai zama hannunta.

Na fi son ka natsu a kan aikin murɗaɗɗiyar waya, domin nan ne aka fi cutar masu saye. A aikin gaske, maƙeri yana jan azurfa ko zinariya har ta zama siririya kamar zare, ya murɗa biyu wuri ɗaya, ya lanƙwasa su cikin ƙaramin firam, sannan ya liƙe mahaɗan da wuta. Akwai kuma na zubi, wanda aka narka ƙarfe aka zuba a mazubi don ya yi kama da wancan. Kafin ka rubuta komai, juya kayan ka dubi bayansa. Na hannu za ka ga wayar a fili ta gaba da ta baya, da ɗan tabon liƙi a mahaɗa, kuma idan ka jera 'yan kunne biyu za ka sami ɗan bambanci a lanƙwasarsu. Na zubi kuwa sau da yawa bayansa a shafe yake, murɗin ya dushe, kuma ɗari ma ka jera duk iri ɗaya ne. Ba laifi ba ne a sayar da na zubi, amma sunansa za ka rubuta, "zubi mai zanen waya", kada kalmar "aikin hannu" ta kusance shi. Ka kuma duba lambar da aka buga a jiki: 925 azurfa ce, 750 zinariya ce karat 18, 875 karat 21, 916 kuma karat 22. Lamba kaɗai ba ta isa shaida ba, sai an gwada, kuma idan ruwan zinariya aka shafa wa tagulla, a faɗi haka a layin farko.

Kayan duwatsu ba su da wuyar bayani idan ka ambaci irin dutsen da girmansa a milimita. Murjani na gaske dabam, gilashi irin wanda masagan Bida suka shahara da shi dabam, roba kuma dabam, kuma ita robar za ka gane ta da rashin nauyi da layin mazubi a gefenta. Jan gilashi a kira shi "gilashi mai launin murjani".

Ga misali da sarƙar da muka gama jiya, mai hawa uku. Kada ka rubuta tsawo ɗaya, domin kowane hawa da inda yake kwanciya, kuma mai saye tana auna shi ne da wuyan rigarta. Ni haka zan rubuta: "Sarƙar azurfa 925 mai hawa uku a kan maɗauri ɗaya. Hawan farko santimita 40, yana kwanciya a gindin wuya. Na biyu 45. Na uku 50, ɗauke da fure na murɗaɗɗiyar waya, aikin hannu, mai faɗin santimita 3. Nauyinta giram 28. Ta fi dacewa da riga mai buɗaɗɗen wuya. A ajiye ta a rataye, kuma kada furen ya danne, domin waya tana lotsawa." Maganar maɗauri ɗaya tana da dalili, saboda wasu za su ɗauka sarƙoƙi uku ne da za a iya sa kowace ita kaɗai, kuma irin wannan rashin fahimta ne ke sa a dawo mana da kaya.

Manyan kaya kuwa, irin waɗanda ake sa wa don su ɗauki ido a wurin biki, nauyi ne abin da ba a yafe barinsa. Ka auna ɗan kunne guda ɗaya, ba biyun tare ba, ka rubuta giram ɗinsa da tsawon da yake saukowa, domin amaryar da za ta wuni da shi kunnenta ne zai ɗauki nauyin. Idan yana da ƙugiyoyi ko bakin da zai iya kama leshi ko mayafi, ka faɗa. Gobe ka zo da tef da sikeli, mu fara da kayan lefen da ke cikin akwatin gilashi, ka rubuta guda biyar in duba kafin a ɗauki hotonsu.