Matar Goya mai tulu a ƙugu: ina ma'anar take ɓoye?

Tambaya: "Salam 'yan uwa. Ina aji biyu a sashen zane-zane, an ba mu jinga mu yi bayanin alamomin da ke cikin zanen Goya na matar nan mai ɗauke da tulun ruwa. Ni dai na rubuta ruwa yana nufin rayuwa, tulu yana nufin mace, daga nan na tsaya cak. Don Allah wanda ya sani ya taimaka."

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Waɗannan layuka biyun da kika rubuta, wallahi duk shekara sai na gan su a takardun ɗaliban da na koyar, kuma ba wai ƙarya ba ne, matsalarsu ita ce za ki iya manna su a ƙarƙashin kowane zane mai tulu a duniya su zauna daram, to kin ga kenan ba su faɗi komai a kan na Goya ba. Malamin da zai duba takardarki so yake ya ga kin kalli wannan zanen ɗin, shi kansa.

Fara da tabbatar da wanne ake nufi, don Goya, mai zanen nan na ƙasar Sifen, ya zana masu tulu fiye da sau ɗaya. Wanda aka fi ba ɗalibai shi ne La aguadora, mai sayar da ruwa, ya yi shi tsakanin 1808 da 1812, fentin mai ne a kan ƙyalle, yana gidan adana zane-zane na Budapest a ƙasar Hungary. Ba wani babba ba ne, tsawonsa santimita 68, faɗinsa wajen 50. Riƙe wannan ƙanƙantar tasa a ranki, za ta yi miki amfani.

Buɗe hoton a babban allo, ba a waya ba in da hali, ki rubuta abin da idonki ya gani kawai tukuna. Budurwa ce ita kaɗai, a tsaye, ta buɗe ƙafafu ta kafe su a ƙasa. Tulun yana ƙugunta ta rungume shi da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma kwando ne da kofunan gilashi a ciki. Akwai farin mayafi a kafaɗarta, akwai rawayan ƙyalle a tsakiyar jikinta, farin bakin siket na ciki ya leƙo ta ƙasa. Bayanta babu rijiya, babu gida, babu kasuwa, babu ko mai saye ɗaya, sararin sama ne kawai mai toka-toka da ƙasa mai duhu.

Wannan kwandon kofunan shi ɗalibai suka fi tsallakewa, alhali shi ne ya gaya miki ko wace ce. Wadda ta ɗebo wa gidansu ruwa ba ta yawo da kofuna. Wannan sana'arta kenan, tana bin titi tana tsiyaya wa mutane su sha su biya, talaka ce lis mai neman na abinci. Saboda haka tun kafin ki je ga wata ma'ana mai zurfi, ruwan nan nata ba na ajiya ba ne, ruwa ne da ake kai wa mai ƙishi.

Yanzu ga inda nake so ki daɗe. Nemo layin da ƙasa ta haɗu da sama a bayanta, ki ga a ina ya ratsa jikinta. Can ƙasa yake. Ma'ana Goya ya ajiye idon mai kallo ƙasa-ƙasa, kamar kina tsugune ita tana tsaye a kanki, shi ya sa kusan duk jikinta ya fito a kan sararin sama kuma ta cika zanen daga sama har ƙasa. A al'adar zanen Turai wannan kallon daga ƙasa na sarakuna ne da janar-janar da waliyyan coci, su ake ɗaga kai a kalla. Goya kuwa mai zanen fada ne, ya zana sarki da iyalinsa, ya san sarai abin da wannan tsayuwar take faɗa, sai ya ɗauke ta ya ba mai tallan ruwa. Shi ya sa ƙaramin zane da bai kai mita ɗaya ba, in kika gan shi a hoto sai ki ɗauka ƙato ne. Abin da nake sa ɗalibaina su yi don su yarda da ni: su samu wata ta riƙe bokiti a ƙugu, su ɗauke ta a hoto suna tsaye a kan benci, sannan su sake ɗauka suna tsugune dab da ƙasa. A na farko za ki ga yarinyar ta ƙanƙance, bokitin ya rinjaye ta, tausayi za ta ba ki. A na biyu mutum ɗaya ce, bokiti ɗaya, amma ta koma wadda ba za ki so ki tare wa hanya ba. Yi wannan da kanki ki saka a jingar, ya fi shafi guda na surutu.

Dubi aikin buroshin ma. Farin mayafin nan ba a bi shi zare-zare ba, fenti ne mai kauri aka shafa da 'yan bugu masu faɗi, fuskar ma ba a tsaya yi mata kwalliya ba. Mai zanen da ke son ki yi sha'awar kyawun yarinya zai ɓata lokaci a kan fata da gashi da ido. Nan ƙarfin ya tafi ga nauyi, yadda ƙugu ya turo don ya tari tulun da yadda ƙafa ta taka ƙasa.

Sai tulun kansa. Tambayar da ke da amfani ita ce a wane hali yake, lafiya lau yake ko ya fashe, ana tsiyaye shi ko ana riƙe da shi. A zanen Bafaranshen nan Greuze na 1771 da ke gidan adana zane-zane na Louvre a Paris, yarinya ce rataye da fasasshen tulu a hannu, tufafinta sun ɗan tuje, ta tattaro furanni a gaban rigarta, kuma mutanen zamanin da sun gani sun gane budurcinta ake nufin ya tafi. Mutanen Sifen ma suna da karin magana a kan tulun da ya cika zuwa rafi, cewa ƙarshensa fashewa. Shi kansa Goya ya taɓa wasa da wannan a wani zane na 1791 zuwa 1792 da ke gidan adana zane-zane na Prado a Madrid, 'yan mata da tuluna a ka, yanayi na nishaɗi, mai kallo na jiran ya ga ko wani zai suɓuce. Wani mai zanen Faransa, Ingres, kuma a 1856 ya sa mace ta karkata tulu daga kafaɗa ruwa na zuba, a can ita ce maɓuɓɓugar kanta. To na Budapest fa? Bai fashe ba, ba ya zuba, ba a ɗora shi a ka inda zai yi lilo ba, an ƙanƙame shi a jiki. Mai kallo na wancan zamanin da ya saba ganin tulu a hannun budurwa ya fara murmushin tsegumi, a nan bai samu abin murmushi ba. Wannan bambancin shi ne maki, ba "tulu yana nufin mace" ba.

Daga nan ki shigo da shekarun. A 1808 Napoleon na Faransa ya ɗora ɗan'uwansa Joseph a gadon sarautar Sifen, mutane suka yi bore, aka shiga yaƙi har 1814. Sojojin Faransa sun yi wa birnin Zaragoza ƙawanya sau biyu, daga Yuni zuwa Agustan 1808, sannan daga Disambar 1808 zuwa Fabrairun 1809. Goya ɗan yankin ne, a ƙauyen Fuendetodos kusa da birnin aka haife shi a 1746, kuma bayan ƙawanyar farko Janar Palafox, wanda ya jagoranci kare birnin, ya gayyace shi ya je ya ga ɓarnar da idonsa. Matan Zaragoza sun yi suna a wannan yaƙin, su ke kai wa mayaƙa ruwa da abinci da harsashi a bakin daga, wata mai suna Agustina ma har igwa ta harba. In kika haɗa wannan da macen da aka zana kamar jaruma tana ɗauke da ruwan sha, kin ga inda masana da yawa suka samo fassarar cewa tana wakiltar talakawan da suka riƙe yaƙin.

Kuma ba ita kaɗai ba ce, tana da abokin tafiya. Akwai zane na biyu mai girma kusan ɗaya, shi ma a Budapest, El afilador, mai washin wuƙa, ya duƙa a kan dutsen washinsa. Dukansu biyun suna cikin lissafin kayan gidan Goya da aka yi a 1812 bayan rasuwar matarsa Josefa Bayeu, wato suna hannunsa a lokacin. Ana kuma ba da labarin cewa da Faransawa suka nemi Zaragoza ta miƙa wuya, amsar Palafox ita ce yaƙi har da wuƙa. Ruwa a hannun mace, wuƙa a hannun namiji. Ki tuna a shekarun nan Goya a Madrid yake zaune kuma galibin lokacin birnin na hannun Faransawa, zanensa na harbe mutanen Madrid da sojojin Faransa suka yi ranar 3 ga Mayun 1808 sai a 1814 ya yi shi bayan sun fita. Mai tallan ruwa da mai washin wuƙa kuwa, ko sojan Faransa ya shigo ɗaki ya gansu a bango ba abin da zai ce.

Amma a nan ki taka a hankali, don nan ne masu zumuɗi ke zubar da maki. A cikin zanen babu soja, babu hayaƙi, babu tuta, babu rubutu. Zanen masu sana'ar titi kuma tsohuwar al'ada ce a Sifen, mai zane Velázquez ya zana mai sayar da ruwa na birnin Seville kusan shekara 200 kafin nan ba tare da wani yaƙi ba. Saboda haka kar ki rubuta "wannan Agustina ce" ko "Goya ya ce". Raba jimlolinki gida uku a zuciyarki: abin da ke kan ƙyallen, kamar kofuna da layin ƙasa da tulu lafiyayye, wannan ki faɗe shi kai tsaye. Abin da tarihi ya tabbatar, shekaru da ƙawanya da lissafin 1812, shi ma kai tsaye. Fassarar yaƙin kuwa ki ce "ana iya karanta shi", ki jero hujjojinki a bayanta. Ni a nawa ganin fassarar tana da ƙarfi, kuma abin da ya fi ba ta ƙarfi shi ne kallon daga ƙasa da zanen mai wuƙa, ba ruwan ba.

Wani abu kuma da nake yawan gani a wajen ɗalibanmu, saboda mun saba da tulu a ka bisa gammo, sai su rubuta cewa ɗaukarsa a ƙugu alamar wahala ce ko gajiya. Goge wannan in kin sa. A Sifen ana ɗauka a ka ana ɗauka a ƙugu, kuma mai tallan da za ta riƙa tsayawa tana tsiyayawa a kofi, a ƙugun ya fi mata sauƙin karkatawa.

In shafi biyu aka ce ki yi, ba layin ƙasa da tsayuwarta kusan rabi, kwatanta tulun da na Greuze sakin layi ɗaya, sauran ki ba Zaragoza da mai washin wuƙa. Ki saka hotunan biyu gefe da gefe, ki ja layi da jan biro a inda ƙasa ta haɗu da sama a bayan matar, malamin ya gani da idonsa.