Tsuntsayen sun wuce lokacin da lissafi ya ba su: ina kuskuren yake?

Malam, na jera farantai na yashi da aka binne ƙwaya a ciki, ina auna tsawon zaman tsuntsu a kowane faranti. Jimillar ƙwayar da yake samu ita ce 20 a daƙiƙa 10, 30 a daƙiƙa 20, 36 a 30, 40 a 40, 45 a 60. Tafiya tsakanin farantai daƙiƙa 45 ce. Ƙa'idar Charnov ta ce ya tashi a daƙiƙa 30, su kuma sai sun kai wajen 41. Ƙa'idar ce ta gaza ko ni ne?

To ɗana, bari mu fara duba lissafin kafin mu ɗora wa kowa laifi. Abin da Eric Charnov ya fitar a 1976 magana ɗaya ce: mai kiwo ya bar gurbin abinci a lokacin da saurin samunsa a wurin ya sauko ya yi daidai da matsakaicin saurin samu na muhallin duka, har da lokacin da tafiya ke ci. Alƙalumanka suna bin lanƙwasa mai tashi da sauri sannan ta kwanta, kuma wannan siffar ta dace da su:

```
g(t) = A*t / (b + t)
R(t) = g(t) / (T + t)
t*   = sqrt(b*T)
```

A shi ne iyakar abin da farantin zai bayar ko da an kwana a kansa, a nan 60. b shi ne lokacin da ake ɗauka a samu rabin wannan, wato daƙiƙa 20, tunda a nan ne aka kai ƙwaya 30. T tafiya ce, 45. g(t) jimillar ƙwayar da aka samu ce bayan zaman daƙiƙa t, R(t) matsakaicin samu ne a kowace daƙiƙa har da lokacin tafiya, t* kuma lokacin da ya kamata a tashi. Ka ninka 20 da 45, ka samu 900, tushensa 30. Lissafinka daidai ne. Idan kana so ka tabbatar, a daƙiƙa 30 tsuntsu yana da ƙwaya 36 cikin daƙiƙa 75 na zama da tafiya, wato 0.48 a kowace daƙiƙa. Saurin samunsa a daidai wannan lokacin, A*b/(b+t)^2, shi ne 1200 a raba da 2500, shi ma 0.48. Inda biyun suka haɗu nan ne wurin tashi.

Yanzu ga abin da ban ga ka yi ba. Ka lissafa R na sauran lokutan. A daƙiƙa 10 ana samun 0.36, a 20 ana samun 0.46, a 30 ne 0.48, a 40 kuma 0.47, a 60 ya sauko 0.43. Ka ga ƙololuwar shimfiɗaɗɗiya ce. Tsuntsun da ya ƙara daƙiƙa 10 a kan ƙa'ida bai yi asarar da ta wuce kashi 2 cikin ɗari ba, wanda ya yi gaggawar tashi da daƙiƙa 10 kuwa ya yi asarar kusan kashi 4. Daɗewa ta fi gaggawa sauƙin hasara, don haka dabbar da ba ta da tabbacin abin da ya rage a gurbi ba ta yi wauta ba idan ta ɗan jinkirta. Bambancin 30 da 41 yana da girma a agogo, amma a cikin cikin tsuntsu ƙarami ne. Duk lokacin da za ka ba da rahoto, ka kawo biyun tare: tazarar lokaci da asarar da ta jawo.

Duk da haka akwai wuraren da nake zargi, kuma na farkonsu T ne. Ƙa'idar ba ta maganar tafiyar da tsuntsu ya yi yanzun nan kafin ya sauka. Tana maganar matsakaicin duk lokacin da ke tafiya tsakanin barin gurbi da fara ci a wani, a muhallin da tsuntsun ya saba da shi. Idan ya tashi ya sauka a reshe ya leƙa, ko ya faɗa wa farantin da wani ya riga ya share, ko aka kore shi daga wani, duk wannan yana cikin T. Masu fara aiki sukan auna shawagin kawai. Gwada ka gani: idan T na gaskiya 80 ne, 20 sau 80 ya ba da 1600, tushensa 40, kusan abin da idonka ya gani. Hanyar ganewa ita ce ka bi tsuntsu guda mai zobe a ƙafa na tsawon lokaci ba yankewa, ka cire jimillar zamansa a farantan da ya ci wani abu daga jimillar lokacin kiwo, ka raba ragowar da yawan ziyarar da ya ci wani abu.

Na biyu, kuɗin tafiya. Tashi sama ya fi tonon yashi cin ƙarfi, kuma lissafinka ya ɗauke su ɗaya. A ce kowace daƙiƙar tafiya ta fi ta zama tsada da kwatankwacin ƙwaya 0.2. Daƙiƙa 45 za su ci ƙwaya 9, sai ka cire 9 daga g(t) kafin ka raba. A daƙiƙa 30 za ka samu 27 a kan 75, wato 0.360, a 40 kuma 31 a kan 85, wato 0.365. Ƙololuwar ta matsa zuwa wajen daƙiƙa 37 ko 38. Bambancin tsadar biyun ne kawai ke motsa ta, ba tsadar kowannensu ba. Haka ta faru da Richard Cowie a 1977, da ya ɓoye wa ƙananan tsuntsaye tsutsotsi a kofunan garin katako, yana tsawaita musu lokacin tafiya da murfi mai wuyar buɗewa. Sun daɗe fiye da hasashen farko, amma da ya sa kuɗin ƙarfi a lissafi hasashen ya matso kusa da abin da aka auna.

Sai lanƙwasar kanta, wadda nan ne aikin ya fi lalacewa ba a sani ba. Idan alƙalumanka jimillar ƙarshen ziyara ne, wato wanda ya zauna 10 ya tafi da 20, wani daban ya zauna 60 ya tafi da 45, to ba lanƙwasar faranti ɗaya ka zana ba. Tsuntsu ya fi daɗewa a farantin da ya fi albarka, saboda haka dogayen ziyarori daga farantai masu kyau suke, gajerun kuma daga marasa kyau, kuma A da b duk za su karkace. Maganin shi ne bidiyo: ka rubuta daƙiƙar da aka haɗiye kowace ƙwaya a cikin ziyara guda, a farantan da ka zuba wa adadi ɗaya da yashi mai zurfi ɗaya. Daga nan ka fitar da A da b a manhajar lissafi ta R, inda d ke ɗauke da alƙalumanka:

```
nls(g ~ A*t/(b + t), data = d, start = list(A = 50, b = 15))
```

Ka lura da wutsiyar lanƙwasar. Ziyarori kaɗan ne ke kai daƙiƙa 60, ga shi A daga can ake hasashensa, kuma idan A ya motsa b ma ya bi shi. Ziyarar da wani tsuntsu ko motsin mutum ya katse kuwa ka yi mata alama daban, domin ba tsuntsun ne ya zaɓi tashi ba.

Gwajin da ya fi ƙarfi ba dacewar lamba ɗaya ba ne. Ka canza T ka ga ko zaman ya bi yadda aka yi hasashe. Da b na 20, tafiyar daƙiƙa 5 tana hasashen zaman 10, ta 45 tana hasashen 30, ta 80 tana hasashen 40. Tafiya ta ninka sau 16, zama ya ninka sau 4 kacal. Ka ba tsuntsayen kwanaki a kowane tsari su saba kafin ka fara ƙirga, in ba haka ba da tsohon T za su yi maka aiki. Sannan ka tankaɗe yashin bayan sun tafi ka ƙirga ragowar ƙwaya, yadda Joel Brown ya tsara a 1988. Idan farantan fili sun fi na gindin kurmi ragowa alhali tafiyarsu ɗaya, tsoron shaho ne ya shiga lissafin, kuma dole ka raba alƙaluman gida biyu kafin ka sake neman t*.