Amsa: auna tsawon zangon maikurowef da farantin ƙarfe

"Salamu alaikum. Ina karatu a Wad Madani. Mun sa farantin ƙarfe a gaban na'urar maikurowef, na auna tsakanin wurare biyu da allurar mita ta faɗi, na samu santimita 1.5. Ustaz ya ce amsar ta kusa 2.8. Kuma allurar ba ta komawa sifili. Ina matsalar?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Abin da ka auna rabin zango ne, zango kuwa shi ne tsawon igiyar maikurowef ɗaya daga tudu zuwa tudu. Igiyar da ta fito daga na'urar tana dukan farantin ta dawo, sai mai tafiya da mai dawowa su haɗu. Inda suka kashe juna allura ke faɗuwa, nan ce gaɓa, kuma gaɓoɓi biyu ake samu a kowane zango. Ninka 1.5 ɗinka, ka samu 3.0. Ka kusa, amma da saura.

Na daɗe ina shirya wa ɗalibai wannan gwaji a ma'amal, wato ɗakin gwaje-gwaje, kuma ban yarda da awon gaɓa biyu maƙwabta ba ko kaɗan. Kuskuren milimita ɗaya a kan milimita 14 ya kai kashi 7 cikin ɗari. Kwantar da rula a kan layin da ke tsakanin bakin na'urar da farantin. Fara daga kusa da farantin, ka ja ɗan sandan gano siginar a hankali har allura ta faɗi ƙasa, ka rubuta wurin, ka kira shi sifili, ba ɗaya ba. A nan yara da yawa ke zamewa, su ƙirga gaɓoɓi maimakon tazarar da ke tsakaninsu. Ci gaba har faɗuwa ta 10. A ce ka samu santimita 14.3: tazara ɗaya 1.43 ke nan, zango 2.86. Ka raba saurin haske, mita miliyan 300 a daƙiƙa, da mita 0.0286, za ka samu yawan kaɗawar igiyar, kusan 10.5 GHz, wato sau biliyan 10.5 a daƙiƙa. Duba jikin na'urarku, yawancin na makarantu nan kusa suke.

Faɗuwar allura za ka bi, kada ka bi tashinta. A sama takan daɗe tana lilo, a ƙasa kuwa ka ɗan gota da milimita ɗaya ko biyu ta ɗago.

Batun sifili kuma, kada ya dame ka. Igiyar da ta dawo ta yi tafiya mai nisa, ta bazu, ƙarfinta ya ragu, ba za ta iya kashe mai fitowa gaba ɗaya ba. Shi ya sa gaɓoɓin kusa da farantin suka fi zurfi, na kusa da na'urar kuwa da ƙyar ake gane su.

In ka ga tazarar ba ta daidaita, wata 1.2 wata 1.7, to wani abu na mayar da igiya ban da farantin. Teburin ƙarfe, kabad a gefe, agogon hannunka, har hannun kansa. Riƙe sandan daga can ƙarshen mariƙinsa, ka sa abokan gwajin su ja baya. Farantin kuma ya tsaya cak yana fuskantar na'urar. In allura ta ƙi motsi sam, juya sandan daga kwance zuwa tsaye kafin ka ce kayan sun lalace.