Al'ada ta yi jinkiri bayan azumi da jinya: me zan saya?

"Anti, ina da aure, al'adata duk kwana 28 take zuwa. Na yi azumi ga jinyar mahaifiyata a asibiti, yanzu al'adar ta wuce lokacinta da kwana tara. Mai kemis ya ce in sayi maganin da zai sauko da ita. In saya?" Daga Zariya

Allah ya ba Mama lafiya, 'yar uwa. Kwantar da hankalinki, kuma kada ki saya. Abin da za ki saya shi ne tsinken gwajin ciki. Ki duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa, ki gwada da fitsarin farko na asuba. Idan bai nuna ciki ba, ki sake bayan mako guda.

In babu ciki, ga abin da ya fi yiwuwa. Ƙwaƙwalwa ce ke ba jakar ƙwai da ke gefen mahaifa umarnin sakin ƙwai, kuma jini yana biyo bayan sakin ƙwan da kamar kwana 14. Idan jiki ya gamu da damuwa, ƙarancin abinci da rashin barci, sai ƙwaƙwalwa ta jinkirta wannan umarni. Mai kwana 28 takan saki ƙwai wajen rana ta 14. A ce a rana ta 10 aka kwantar da Mama, kina kwana a kan tabarma a barandar asibiti, sahur ɗinki shayi da biredi. Sai ƙwan ya ƙi fita sai rana ta 24, jini kuma sai rana ta 38. Wahalar makonnin baya ce kike ganin sakamakonta yau. Shi ya sa duk mai lissafin kwanaki don tazarar haihuwa kada ta dogara da lissafinta a irin wannan watan.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan cinikin "maganin sauko da jini". Mace ta shiga kemis, ba a tambaye ta yaushe ta ga wanki na ƙarshe ba, ba a gwada ta ba, a ƙirga mata ƙwayoyi a farar leda, babu kwali, babu suna. Wata kuma ta tsaya wajen mai lasifika a bakin kasuwa ta sayi jarkar "wankin mara" da ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki. Jinin nan ba taruwa yake yi a mara ya ruɓe ba, balle a ce sai an wanke shi. In kuwa akwai ƙaramin ciki, irin waɗannan haɗe-haɗen na iya jawo ɓari da zubar jini, kuɗin da aka ƙi kashewa a tsinken gwaji a ninka shi a neman ledar jini. Ki je asibiti idan kin yi wata uku ba ki gani ba. Amma in kin ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, ga ɗigon jini da jiri, ki tafi a take, don yana iya zama ciki a wajen mahaifa.

"Zan tafi Umra, ƙawata ta ce in sayi Primolut N in tsayar da al'ada. Ya ake sha?" Daga Maraɗi

Hajiya, Allah ya kai ki lafiya. Maganin, norethisterone, yana aiki, amma likita ne zai rubuta miki, ba ƙawa ba. Yadda aka saba bayarwa shi ne miligiram 5 sau uku a rana, a fara kwana uku kafin ranar da ake sa ran jini, kuma jinin yakan zo kwana biyu ko uku bayan an daina. Ba ya hana ɗaukar ciki. Yana iya ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, ga zaman jirgi, ga ƙishirwar Makka. Mai tarihin daskarewar jini, ciwon hanta ko zaton ciki ta nisance shi, mai hawan jini kuma ta gaya wa likita. Ki sani tafiyar kanta, da raba dare a Harami, na iya gusar da lokacinki, don haka ki sa audugar mata a jaka ko da kina shan maganin. Idan sharaɓarki ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi miki wuya, ki nemi likita nan take.

"Gaskiya ne kanwa da lemon tsami suna kawo al'ada in ta makale?" Daga Kumasi

Ba gaskiya ba ne, kuma na gaji da wannan tambayar. Kanwa mai yawa zawo da ciwon ciki za ta jawo miki. Ki ci ki ƙoshi, ki sha ruwa, ki yi barci, ki riƙa rubuta ranar da jini ya fara kowane wata, don ita ce tambayar farko da ma'aikaciyar asibiti za ta yi miki.