Ina cin abinci kafin in sha maganin ciwon jiki, me ya sa cikina ke zafi?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekarata 54, ina fama da ciwon baya da gwiwa. Wata takwas ke nan ina shan ibufurofen mai miligiram 400, biyu da safe biyu da rana, da dare kuma in ƙara diklofenak ɗaya. Ban taɓa sha da yunwa ba, sai na ci na ƙoshi, don an ce haka ne ba ya illa. Ina kuma shan lisinofiril da wani mai sa fitsari saboda hawan jini. Yanzu ƙahon zuciyata na zafi, kwana biyu kuma bayan gidana baƙi ƙirin yake fita. Hankalina ya tashi. Ƙodata ce ko cikina?

Amsa: Malam, ka ajiye ibufurofen da diklofenak ɗin nan daga yanzu, ka tafi asibiti yau, kada ka bari sai gobe. Baƙin bayan gida mai danƙo da wari kamar kwalta jini ne da ya zubo daga tumbi ko farkon hanji, ya narke a hanya. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ma yana baƙanta shi, amma ga mai tarihi irin naka, mu jini muke ɗauka har sai gwaji ya nuna ba shi ba ne. In kana jin jiri idan ka miƙe, ko zuciyarka na bugawa da sauri, ko ka yi amai da jini ko mai baƙin gari-gari, to a ɗauke ka zuwa sashen gaggawa, kada ka tuƙa kanka. Ka tafi da duk kwalayen magungunan da kake sha.

Maganar nan ta cewa ƙoshi yana kare mutum, ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin da wuya rana ta faɗi ban ji ta a bakin majiyyaci ba. Mutane suna zaton ƙwayar tana faɗawa ciki ne ta ƙone wurin da ta sauka, saboda haka in aka shimfiɗa mata abinci shi ke nan. Akwai ƙanshin gaskiya kaɗan, abinci yana rage tashin zuciya da ɗan zafin da ake ji nan take. Amma babbar ɓarnar ta cikin jini take biyowa. Ibufurofen, diklofenak, asfirin, nafroksen da firoksikam duk dangi ɗaya ne, kuma aikinsu ɗaya: suna hana jiki ƙera wani sinadari mai suna furostagilandin. John Vane ne ya gano haka game da asfirin a 1971, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1982. Wannan sinadari shi ke rura kumburi da raɗaɗi a gwiwarka, shi ya sa kake samun sauƙi idan an danne shi. Sai dai kuma shi ne ke sa bangon tumbi ya fitar da majinar da ke kare shi daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci, shi ne ke sa jini ya wadaci wurin. Maganin bai san gwiwa daban, tumbi daban ba. Da zarar ya shiga jini, ko'ina ya danne.

Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji wanda ba shi da horo ya ce wa mai gyambon ciki, tunda ƙwaya na damunka, zo a yi maka allura. Allurar diklofenak tana iya haddasa gyambo kamar yadda ƙwayarsa ke yi, ko da ba ta bi ta baki ba. Na taɓa karɓar wani dattijo da aka jera wa irin wannan allura kwana da kwanaki saboda ciwon ƙugu, da sunan ana tausaya wa cikinsa. Sai da aka ƙara masa jini. Abin da ya fi ba ni tsoro ma, da yawa daga masu irin wannan gyambo ba sa jin wani ciwo kafin jinin ya ɓalle, domin maganin da ya jawo raunin shi ne kuma ke rufe zafinsa.

Mu duba lissafinka. Wanda ya sayi ibufurofen da kansa ba tare da takardar likita ba, iyakarsa miligiram 1,200 a awa 24. Kai kana shan 1,600, sannan ka ɗora diklofenak a kai. Haɗa biyu daga dangi ɗaya ba ya ƙara sauƙin da ya taka kara ya karya, haɗarin ne ke ƙaruwa. Kuma an yi su ne don 'yan kwanaki: ciwon da ya kai kwana 10, ko zazzaɓin da ya wuce kwana 3, ya fita daga hannun mai sayen magani da kansa. Kai wata takwas ka yi.

Batun ƙoda kuwa, a nan na fi jiye maka. Ƙoda tana tace jini ne da ƙarfin matsin da ke cikin 'yan ƙananan matatunta. Furostagilandin shi ke buɗe jijiyar da ke shigar da jini matatar, to maganin ciwon ya tsuke ta. Lisinofiril yana sassauta jijiyar da ke fitar da jinin, matsin ya ƙara faɗuwa. Maganin fitsarin kuma ya rage ruwan jikin gaba ɗaya. Lisinofiril da mai sa fitsari tare abu ne da muke rubutawa kullum, ba su da laifi, na ukun da ka ƙara da hannunka shi ne matsalar. Ranar da gudawa ko amai ko yawan zufa ya same ka a wannan hali, ƙoda na iya tsayawa cikin 'yan kwanaki. Ga shi maganin yana riƙe gishiri da ruwa a jiki, yana ta da hawan jinin da kake ƙoƙarin saukarwa. Kada kuma ka jira ciwon baya ya sanar da kai, ƙoda takan yi nisa wajen lalacewa ba tare da ta yi ciwo ba. Kumburin ƙafa, raguwar fitsari da kasala sukan zo a makare. Gwajin jini na kiriyatinin da gwajin fitsari su ke faɗin gaskiya.

A asibiti za a auna yawan jininka da aikin ƙodar, mai yiwuwa a zura na'ura ta baki a leƙa tumbin, a ba ka mai rage tsamin ciki irin su omefurazol, a kuma bincika ko kana ɗauke da ƙwayar cutar da ke haddasa gyambo. Magungunan hawan jinin kada ka yanke hukunci a kansu kai kaɗai, ka nuna wa likitan da zai duba ka yau. Mai yiwuwa ya dakatar da su na ɗan lokaci idan jinin da ka zubar da yawa.

Don gwiwar kuwa, farasitamol ba ya taɓa tumbi ta wannan hanya. Babba yana shan ƙwaya biyu masu miligiram 500, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 a tsakani, kada a wuce ƙwaya takwas a awa 24. Nasa haɗarin a hanta yake, don haka mai ciwon hanta, mai shan giya, ko wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ƙasa da haka zai sha. Ka riƙa karanta bayan kwali, domin magungunan mura da yawa da na ciwon jiki masu haɗe-haɗe suna ɗauke da farasitamol ko ibufurofen a ciki, mutum ya ninka bai sani ba. Idan an shawo kan jinin, ka nemi a duba gwiwar da bayan da kyau a san abin da ke cin su. Allah ya ba ka lafiya.