Yadda Ake Sarrafa Wayar Android Daga Fuskar Kwamfuta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan rubuta dogayen saƙonni da rahotanni a wayata ta Android, yatsuna kuma sun gaji da ƙananan haruffan nan. Ko akwai hanyar da zan ga wayar a kwamfuta, in yi rubutu da kibod, in kuma riƙa tura takardu da hotuna tsakaninsu? Na gode.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce wata ƙaramar manhaja mai suna scrcpy, wadda kamfanin Genymobile ya fitar kyauta, kuma tana aiki a Windows da macOS da Linux. Tana nuna fuskar wayar a cikin taga guda a kwamfuta, ta miƙa wa wayar duk abin da kika danna a kibod ko a linzami, kamar dai da yatsanki kika taɓa. Ba ta buƙatar intanet, ba ta sanya talla, kuma ba ta barin wata manhaja a wayar bayan an rufe ta. Sharaɗinta shi ne wayar ta kasance Android 5.0 ko abin da ya fi shi. Akwai kuma Phone Link na Microsoft, amma nuna fuskar waya a cikinsa ya taƙaita ga wasu zaɓaɓɓun wayoyi, shi ya sa ba zan ɗora ki a kansa ba.

Aikin farko a wayar ake yin sa. Ki shiga Settings, ki buɗe About phone, ki nemi layin da aka rubuta Build number, sannan ki taɓa shi sau 7 a jere har wayar ta nemi lambar sirrinki. A wayoyin Samsung layin yana cikin Software information. Bayan haka wani sabon sashe mai suna Developer options zai bayyana, yawanci a ƙarƙashin System ko a ƙarshen jerin Settings, kuma a cikinsa za ki kunna USB debugging, maɓallin da ke ba kwamfuta damar aika wa wayar umarni ta kebul. Ki bar sauran maɓallan da ke wannan sashe yadda kika same su, domin babu wanda muke buƙata a cikinsu, sai guda ɗaya da zan ambata nan gaba ga masu wayar Xiaomi.

A kwamfutar, idan Windows ce, ki sauke manhajar daga shafin Genymobile/scrcpy da ke GitHub, kada ki karɓe ta daga wani shafi ko da yana ɗauke da sunanta, domin manhajar da za a ba wa iko a kan waya gaba ɗaya ba abin ɗauka ba ce a ko'ina. Fayil ɗin zai zo a dunƙule, ki warware shi a cikin folda guda, sannan ki buɗe `open_a_terminal_here.bat` da ke ciki, wanda zai fito da baƙar tagar da ake rubuta umarni. Ki haɗa wayar da kebul, fuskarta a buɗe. Saƙo zai fito a wayar yana tambayar Allow USB debugging, ki amince, kuma idan kwamfutar taki ce ta ƙashin kanki kina iya zaɓar Always allow from this computer. Kafin ki kunna komai, ki fara tabbatar da cewa kwamfutar ta ga wayar:

```
adb devices
```

Amsar wannan umarni ita ce za ta gaya miki inda matsala take idan akwai. In kika ga lambar wayar tare da kalmar `device` a gabanta, komai ya daidaita. In kika ga `unauthorized`, ma'anarsa ba ki amsa saƙon izinin da ke wayar ba, sai ki cire kebul ɗin, ki buɗe wayar, ki sake sakawa. In kuwa jerin ya fito babu komai, kebul ɗin ne abin zargi na farko, saboda akwai kebul masu yawa da caji kawai suke yi, babu wayoyin ɗaukar bayanai a cikinsu, kuma a ido ba a bambanta su da na gari. Wayar za ta nuna tana caji, mutum ya ɗauka an haɗu, alhali kwamfutar ba ta san da ita ba. Idan an sauya kebul kuma shiru, to Windows ce ba ta da direban wannan waya, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, sai a sauke shi daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. A sababbin wayoyin Samsung a duba Auto Blocker, domin idan yana kunne yakan toshe umarnin da ke zuwa ta kebul.

Da zarar `device` ta bayyana, ki rubuta wannan:

```
scrcpy --turn-screen-off --stay-awake
```

Fuskar wayar za ta fito a kwamfuta, ita kuwa ainihin wayar za ta yi duhu don kada ta ci batir, kuma ba za ta yi barci ba muddin kebul yana jikinta. Danna linzami na hagu shi ne taɓawa, na dama shi ne komawa baya, na tsakiya kuma yana mayar da ke fuskar farko. Masu Xiaomi da Redmi da Poco sukan ga hoton wayar sarai amma linzami da kibod su ƙi aiki, kuma maganin hakan shi ne kunna USB debugging (Security settings), wanda maɓalli ne daban da na farko, sannan a kashe wayar a sake kunnawa.

Yanzu batun rubutu, wanda a nan nake so ki fi mai da hankali. A yanayinta na asali scrcpy tana aika haruffan boko na Turanci da lambobi lami lafiya, amma haruffa masu lanƙwasa kamar ƙ da ɗ da ɓ ba sa wucewa ta wannan hanya, ko da kwamfutarki tana iya rubuta su. Za ki danna, a wayar kuma babu abin da zai fito. Akwai wani yanayi na biyu da ake kunnawa da `scrcpy --keyboard=uhid`, wanda ke sa wayar ta ɗauka an jona mata kibod na zahiri. Yana da daɗin aiki, musamman da yake ana iya ɓoye kibod ɗin fuska da ke cinye rabin taga, amma a nan tsarin haruffan da aka zaɓa a wayar shi ke yanke abin da kowane maɓalli zai rubuta, don haka in babu haruffanmu a wannan tsarin, shi ma ba zai fitar da su ba.

Shi ya sa ga dogon rubutu nake ba da shawarar a bi ta kwafa da liƙawa. A ce kina da rahoto mai shafi 3 da za ki tura wa abokan aiki ta wata manhajar saƙo da ke wayar. Ki rubuta shi gaba ɗaya a kwamfuta, a Word ko Notepad, ki gyara shi a natse da haruffansa cikakku. Ki zaɓi rubutun, ki danna Ctrl+C, ki koma tagar wayar, ki danna cikin akwatin saƙo, sannan ki danna Ctrl+V. Rubutun zai sauka da ƙ da ɗ ɗinsa babu wanda ya ɓace, matuƙar wayar ta kai Android 7. Haka kuma duk abin da kika kwafa a cikin wayar yana isa kwamfuta da kansa, sai ki liƙa shi inda kike so. Abin kiyayewa a nan shi ne kalmar sirri, domin duk abin da kika liƙa yana zama a ma'ajiyar kwafi ta wayar, inda wasu manhajoji za su iya karanta shi.

Tura fayil zuwa waya shi ne mafi sauƙi. Idan rahoton nan yana da takardar PDF da za ta bi shi, ki ja ta da linzami ki sake ta a kan tagar wayar. Babu wata sanarwa da za ta fito a fuskar, wanda hakan kan sa mutane su yi zaton abin bai yi ba su sake jefawa, amma baƙar tagar umarni za ta rubuta cewa an tura. Fayil ɗin yana sauka a foldar Download, a can za ki same shi lokacin da za ki maƙala shi a saƙo. Ki kula da fayil mai ƙarewa da `.apk`, domin shi ba ajiye shi ake yi ba, girka shi ake yi a wayar kai tsaye.

Wannan ja da sakin hanya ɗaya yake bi, daga kwamfuta zuwa waya. Don ɗauko hotuna daga wayar sai a yi amfani da adb ɗin da ya zo tare da manhajar, a wata tagar umarnin daban:

```
adb pull /sdcard/DCIM/Camera
```

Wannan zai kwafo foldar hotunan kyamara ɗungurungum zuwa cikin foldar da kika buɗe tagar, ba tare da ya goge komai a wayar ba. Idan hotuna kaɗan kike so ki zaɓa da ido, ya fi sauƙi ki ja sanarwar USB da ke saman wayar ki zaɓi File transfer, sannan ki buɗe wayar a File Explorer kamar kowace filash.

Ana iya rabuwa da kebul idan wayar da kwamfutar suna kan Wi-Fi guda. Ki fara haɗa su da kebul, ki rubuta `scrcpy --tcpip`, idan hoto ya fito sai ki cire. Hoton yakan riƙa tsayawa idan siginar ba ta da ƙarfi, kuma ana rage hakan da ƙara `-m 1024 -b 2M` a umarnin, wanda ke ƙanƙanta hoton ya kuma sauke nauyinsa daga megabit 8 a daƙiƙa zuwa 2. Duk da haka, ga mai zaman rubutu a tebur na fi son kebul, saboda jinkirin da ke tsakanin danna harafi da bayyanarsa ya fi ƙanƙanta, wayar kuma tana caji a lokaci guda. Idan kin yi amfani da Wi-Fi ɗin jama'a, ki kashe wayar ki kunna bayan kin gama domin rufe ƙofar shiga wayar ta Wi-Fi da wannan umarni ya buɗe.

Wasu shafuka, musamman na manhajojin banki, za su iya fitowa baƙi ƙirin a kwamfutar alhali suna nan a wayar. Wannan ba lalacewa ba ce, manhajar ce ta hana a ɗauki hoton fuskarta, kuma wasunsu ma sukan ƙi buɗewa sam matuƙar USB debugging yana kunne. Saboda haka ki riƙa kashe shi idan kin gama aiki. In kuma kin taɓa ba kwamfutar da ba taki ba izini, ki shiga Developer options ki danna Revoke USB debugging authorizations, wanda zai soke izinin dukkan kwamfutocin da aka taɓa amincewa da su, sai ki sake ba taki kaɗai a haɗawa ta gaba.